Tambaya kan kumbo mai tsananin gudu: miƙewar lokaci da takurewar tsawo

Ga tambaya ta huɗu ta gwajin da muka yi ranar Talata, tare da amsarta. Na warware ta daki-daki saboda yawancinku a nan kuka zubar da maki. Ku sake gwada ta da kanku kafin ku duba amsar.

Tambaya (maki 20)

Wani kumbo mai tsawon mita 120 da faɗin mita 20, kamar yadda aka auna shi yana tsaye, ya wuce duniya ya nufi tauraron Proxima Centauri da gudu v = 0.8c, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Nisan tauraron daga duniya shekarar haske 4.24 ne. A ɗauki c = 3.0 × 10⁸ m/s, a kuma ɗauka cewa duniya da tauraron ba sa motsi dangane da juna.

(a) Nemo γ. (maki 2)

(b) Shekara nawa tafiyar za ta ci a agogon mutanen duniya, nawa kuma a agogon 'yan sama jannatin da ke ciki? (maki 5)

(c) Mene ne tsawo da faɗin kumbon a ma'aunin mutanen duniya? (maki 3)

(d) Mene ne nisan tauraron a ma'aunin mutanen kumbo? Nuna cewa ya dace da amsar (b). (maki 4)

(e) A hanya kumbon ya gifta wata tashar bincike da ke tsaye dangane da duniya. Tsawon wane lokaci ya ɗauka, daga hancinsa zuwa wutsiyarsa, a agogon tashar da kuma a agogunan kumbo? (maki 6)

Amsa

(a) γ = 1/√(1 − v²/c²) = 1/√(1 − 0.64) = 1/0.6 = 5/3, wato kusan 1.67. Duk wanda γ ɗinsa ya gaza 1, ya san ya kifar da lissafin, domin γ ba ya taɓa sauka ƙasa da 1.

(b) A wurin mutanen duniya babu wani sabon abu, nisa ne a raba da gudu: t = 4.24/0.8 = shekara 5.3. Ba sai an mayar da komai zuwa mita da daƙiƙa ba. Idan nisa yana cikin shekarar haske, lokaci yana cikin shekara, to c ya zama 1. Wasunku sun cika shafi guda suna canja ma'auni, a wajen ne ma suka ɓata.

Sai agogon kumbo. Kafin ku taɓa γ, ku tambayi kanku: abubuwa biyun da ake auna tazararsu, a wurin wa suka faru a wuri guda? Abubuwan su ne barin duniya da isa tauraro. A wurin ɗan sama jannati dukansu biyu a bakin tagarsa suka faru, agogo ɗaya ne ya shaida su. Saboda haka shi ke riƙe da lokacin asali, Δt₀, wanda kullum shi ne mafi gajarta:

Δt₀ = Δt/γ = 5.3 × 0.6 = shekara 3.18

Wanda ya ninka da γ ya samu 8.83 ya ba mutanen duniya lokacin asali ke nan, alhali su sai da agogo biyu suka yi awonsu, ɗaya a nan ɗaya a can.

(c) Tsawon asali shi ne wanda aka auna inda abin yake tsaye, wato mita 120. Mutanen duniya za su samu L = L₀/γ = 120 × 0.6 = mita 72. Faɗi yana nan mita 20, domin takurewa ta fuskar da ake tafiya kawai take aukuwa. Wani ya rubuta mini cewa 'yan sama jannatin za su ji an matse su. A'a. A cikin kumbo babu abin da ya canja, gadonsu da ƙofarsu da awonsu duk suna nan yadda suke.

(d) A wurin mutanen kumbo, su ne a tsaye, duniya tana ja da baya, tauraron kuma yana tahowa da 0.8c. Tazarar da ke tsakanin duniya da tauraron ita ce ke gudu, ita ce za ta takure: 4.24 × 0.6 = shekarar haske 2.544. Lokacin da tauraron zai iso gare su 2.544/0.8 = shekara 3.18, daidai da (b). Mutumin duniya zai ce agogonsu ne ya yi nawa, su kuma za su ce hanyar ce ta gajarce, amma lambar da agogon zai nuna ranar isa ɗaya ce a bakin kowa.

Kada wani ya raba 4.24 da 3.18 ya samu 1.33c ya ce an wuce gudun haske. Ya haɗa nisan wani da agogon wani ne.

(e) Nan ne tarkon. A tashar, kumbo mai mita 72 ne ke wucewa da 2.4 × 10⁸ m/s, don haka lokacin 72/(2.4 × 10⁸) = 3.0 × 10⁻⁷ s. A kumbo, tashar ce ke bin tsawon mita 120, don haka 120/(2.4 × 10⁸) = 5.0 × 10⁻⁷ s. Wannan karon lokacin kumbo ne ya fi tsawo, kuma 5.0/3.0 shi ne γ ɗin nan dai. Isowar hanci da wucewar wutsiya duk a gaban tashar suka faru, don haka lokacin asali na tashar ne. Waɗanda suka haddace cewa lokacin kumbo ne kullum ƙarami, haddar ce ta kayar da su.

Tambayar da aka yi mini bayan gwaji

Wata ɗaliba ta tsayar da ni ta ce, “Malam, in a wurin mutanen kumbo agogon duniya ne ke nawa, ta yaya kuma za a ce shekara 5.3 ta wuce?” Tambaya ce mai kyau, ta fi wadda na rubuta ma. A ma'aunin kumbo, agogon duniya ya yi shekara 3.18 × 0.6 = 1.908 kacal. Amma a ce akwai agogo a wajen tauraron da aka saita da na duniya. A ma'aunin kumbo waɗannan agoguna biyu ba su daidaita ba, na tauraron yana gaba da vL₀/c² = 0.8 × 4.24 = shekara 3.392 tun farkon tafiya. Ku haɗa 3.392 da 1.908, za ku ga 5.3. Abin da mutanen duniya ke kira “lokaci guda” ba lokaci guda ba ne a wurin mai gudu, kuma da wannan batu Albert Einstein ya fara a takardarsa ta 1905 kafin ya kai ga miƙewa da takurewa.

Gudun 0.8c na takarda ne. Kumbon Parker Solar Probe na hukumar NASA, wanda ya fi duk abin da ɗan Adam ya ƙera gudu, ya kai kusan kilomita 192 a daƙiƙa a Disamban 2024, wato kimanin 0.00064c. Ko da zai shekara a wannan gudun, daƙiƙa shida da ɗoriya kawai gudun zai rage wa agogonsa.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin: ku maimaita (a) zuwa (e) da v = 0.6c. Sannan a gudun 0.8c, idan 'yan sama jannatin suka aiko da saƙon rediyo da isarsu, shekara nawa bayan tashinsu zai iso duniya?