Taƙaitaccen bayanin neman tallafi: gandun rainon itatuwa na ƙungiyar mata, ƙaramar hukumar Maigatari

Zuwa ga mai girma shugaban kwamitin tantance ayyukan tallafi, tare da gaisuwa da fatan alheri.

Mu mata 32 ne daga unguwanni uku na ƙauyenmu, a ƙaramar hukumar Maigatari ta jihar Jigawa, dab da iyakar Nijar. Da adashi muka fara shekara shida da suka wuce, daga baya muka yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai. Muna neman tallafin naira 6,300,000 domin mu kafa gandun rainon itatuwa mai ruwansa da shingensa, mu riƙa sayar wa manoman yankinmu dashe a farkon kowace damina.

Ƙasarmu jigawa ce. Idan iskar farkon damina ta taso, rairayi kan binne gero tun yana ɗan tsiro, sai manomi ya sake shuka. Gonar da ke da gawo ko layin darbejiya a gefenta ba ta shan wannan wahala kamar wadda aka share tas, kuma manoma sun fi mu sanin haka. Abin da babu shi ne inda mutum zai samu dashe mai lafiya kusa da gida, a lokacin da ƙasa ta jiƙu. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Aikin da muke kawowa ƙarami ne a gefen wannan, amma hanyarsa ɗaya: itace a gonar mai shi.

Za a iya tambaya, me ya sa za mu sayar alhali ana raba dashe kyauta? Mun ga na kyauta. Yakan iso wani lokaci a ƙarshen Agusta, ruwa na shirin ɗaukewa, a jibge shi a gindin bishiya, kowa ya ɗauki goma ya dasa uku. Wanda ya ciro naira 200 daga aljihunsa kuwa, shi ne zai sare ƙaya ya kewaye dashensa, ya aiki yaro da bokitin ruwa a watan Maris. Ba mu raina kyauta ba, amma a kan wannan muka gina lissafinmu.

Mun riga mun gwada. A bazarar 2025 mun cika leda 1,800 a bayan gidan ma'ajiyarmu, yawanci ledar fiya wata da yara suka tsinto muka huda mata gindi. Ruwa daga rijiyar unguwa muka riƙa ɗaukowa a ka, safe da yamma. A tsakiyar Afrilu rijiyar ta ja baya, sai da muka koma sayen jarka a wurin 'yan garuwa. Wani dare kuma awaki suka ture zanar da muka kewaye wurin da ita, da asuba muka tarar da layin zogale biyu an aske su ƙasa-ƙasa. Duk da haka 1,150 suka rayu, muka sayar da 900 cikin mako uku, wasu a ƙofar gida, wasu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Mutane sun yi ta tambayar mangwaro mai aure, ba mu da ko ɗaya. Darasin a fili yake: ruwa, shinge, da iya aure.

Dagacinmu ya ba ƙungiya fili rabin eka a rubuce, da shaidu. A nan za mu cika leda 15,000 a shekara, muna sa ran 12,000 su kai lokacin sayarwa, domin gara da zafin bazara ba sa barin rabonsu. Haɗin ƙasar shi ne ƙasar gona da rairayi da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ƙona tsiro yake yi. Za a fara shuka daga Maris, a fitar da dashe a Yuli idan damina ta zauna.

Kowane iri da halinsa. Zogale ba ya son wani shiri, cikin mako biyu ya fito. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an zuba musu ruwan zafi sun kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefen ƙwayar. Irin darbejiya ba ya ajiyuwa, ana tsinta ake shukawa. Gawo ya fi kowa neman kulawa, saboda saiwarsa ƙasa take nufa kai tsaye: idan aka bar ledar wuri ɗaya sai ta huda gindi ta kama ƙasa, ranar ɗagawa ta tsinke. Don haka duk mako biyu ake gusar da ledojin a datse abin da ya leƙo. Mun nace a kansa duk da wahalarsa, domin shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani.

Ga yadda muka tsara ciniki. Zogale 4,000 a kan naira 150. Darbejiya da bagaruwa 3,000, da gawo 2,000, duk a kan 200. Kuka da tsamiya 1,000 a kan 300. Gwaiba da lemo 1,200 a kan 500. Wannan ya kama naira 2,500,000 a shekarar farko. Mangwaro sai shekara ta biyu, domin sai uwar ta yi kauri kafin a yi mata aure; guda 800 a kan 1,500 zai ɗaga cinikin zuwa 3,700,000. Hidimar shekara, wato leda da iri da taki da mai gadi da kuɗin amalanke zuwa kasuwa, ba za ta wuce 900,000 ba a lissafinmu. Abin da ya rage, kashi ɗaya cikin uku zai shiga asusun gyaran famfo, sauran a raba gwargwadon kwanakin da kowace mace ta yi aiki, kamar yadda littafin sakatariya ya nuna.

Kuɗin da muke nema kuwa, mafi yawansa na ruwa ne: rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana da tanki, naira 4,200,000. Shingen waya da ƙofa, 1,100,000. Leda, iri, butocin ban ruwa da baro biyu, 650,000. Horar da mata shida a kan auren mangwaro da lemo, 350,000. Mu kuma mun ajiye 700,000 daga adashi don rumfunan inuwa da hidimar watannin farko, ban da fili da ƙarfinmu. Ba mu sa albashin kowa a ciki ba.

Akwai abin da ke iya ba mu matsala, ba za mu ɓoye ba. Lokacin dashe shi ne lokacin da aljihun manomi ya fi bushewa, ga taki ga kuɗin noma. Saboda haka duk wanda mai unguwarsa ya tsaya masa zai iya biyan rabi, ya cika sauran da kaka, ko da gero ne ko riɗi. Idan kuma aka yi rabon kyauta a shekarar, cinikin darbejiya zai faɗi. Shi ya sa muka jingina ribar a kan itatuwan marmari.

Duk wanda ya sayi dashe za a rubuta sunansa da gonarsa. A watan Afrilu mata biyu za su zaga su ƙirga abin da ya tsallake rani, wannan ƙidaya ce za mu kawo wa kwamiti tare da rasitai. Muna roƙon a saki kuɗin rijiya kafin ƙarshen Janairu 2026, domin idan Maris ya shiga babu ruwa a filin, shekarar ta wuce mu.

Mun gode, Allah ya ƙara girma.

Shugaba da sakatariya, a madadin 'yan ƙungiya
Disamba 2025