Yadda teburin hash ke gano abu ba tare da ya bincike komai ba

A ce wani dillalin hatsi a kasuwar Kawo ya ba ka aikin rubuta masa manhajar da za ta riƙa gaya masa buhu nawa ya rage na kowane irin kaya. Sunan kayan shi ne mabuɗi, yawan buhunan kuma shi ne ƙimar da ke ajiye a ƙarƙashinsa. Idan ka zuba su a dogon jeri, duk lokacin da ya nemi gero sai kwamfuta ta bi ɗaya bayan ɗaya har ta iske shi. Da kaya 20 ba wanda zai lura. Da suna miliyan ɗaya, sai an sha jira.

Teburin hash, wato tsarin ajiye bayanai a gurabe masu lamba, lissafa wurin ajiya yake yi daga jikin mabuɗin kansa. Dabarar ta daɗe, tun 1953 Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya rubuta ta, kuma a kanta aka gina `dict` na Python da `HashMap` na Java.

Mu ware gurbi 8, daga 0 zuwa 7. Kowane harafi yana da lambarsa a kwamfuta, to sai mu tara lambobin haruffan, mu raba da 8, mu ɗauki ragowar:

```python
def gurbi(mabudi, girma):
    return sum(ord(h) for h in mabudi) % girma

gurbi("wake", 8)   # 0
gurbi("gero", 8)   # 5
```

Haruffan gero sun ba da 103, 101, 114 da 111, jimilla 429. Raba 429 da 8, saura 5. A gurbi na 5 za a ajiye gero da buhunansa. Gobe dillali ya zo nema, a sake yin wannan lissafin, 5 ɗin dai za a samu, kwamfuta ta miƙa hannu can kai tsaye, domin a ma'adanarta zuwa gurbi na 5 da zuwa gurbi na 500,000 duk aiki ɗaya ne. Lissafin bai damu da yawan kayan da ke cikin teburin ba, kuma nan ne duk saurin yake.

Yanzu a kawo masara. Jimillarta 629, saura 5. Ta faɗa kan gero, an yi karo. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ɓacin aiki, alhali ba makawa sai ya faru, tunda sunayen da za a iya kawowa sun fi gurabe yawa. Yana kuma zuwa da wuri: a aji mai mutum 23 kacal, yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta haura rabi, duk da ranaku 365 ne a shekara.

Java tana barin kowane gurbi ya riƙe ɗan gajeren jeri, gero da masara su zauna tare. Python kuwa, in ta tarar da gurbi a cike, sai ta lissafa wani ta gwada, kuma wannan sawun za ta bi ranar nema. Ko ta wace hanya, dole a ajiye mabuɗin tare da ƙimarsa, a kwatanta kafin a ba da amsa, in ba haka ba a ba dillali lissafin masara alhali gero ya tambaya.

Lissafinmu na tara haruffa na koyarwa ne kawai, kada ka kai shi aikin gaske. Gwada "goro" da "rogo": haruffa iri ɗaya, jimilla 439, don haka komai girman teburin gurbi ɗaya za su faɗa. Java tana ninka abin da ta tara da 31 kafin ta ƙara harafi na gaba, saboda matsayin harafi ya yi tasiri. In lissafi ya yi rauni har komai ya taru a gurbi guda, an koma gidan jiya, bin jeri ɗaya bayan ɗaya.

Cunkoso ma yana jawo karo, shi ya sa ba a barin teburi ya cika. `HashMap` yakan fara da gurbi 16, ya ninka girmansa in ya wuce kashi 75 cikin 100, `dict` kuma yakan faɗaɗa in ya kai kashi biyu cikin uku. Daga nan a sake wa kowane mabuɗi wuri. A gurbi 16, gero ya koma 13, masara ta tsaya a 5, sun rabu. Wannan ƙaura tana cin lokaci, amma jefi-jefi ake yin ta.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada mabuɗi ya canza bayan an ajiye shi. In ya canza, lissafi zai nuna wani gurbi dabam, kayan suna nan amma ba mai ganinsu. Dalilin ke nan da Python ke ƙin karɓar `list`, wato jerin da ake iya canza abin cikinsa, a matsayin mabuɗi, ta jefo maka `TypeError`, amma ta karɓi rubutu, ko lamba, ko `tuple`, wato jerin da ba ya canzawa, da ke ɗauke da irinsu.