Takardar Neman Ƙarin Wa'adin Izinin Zama

14 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Izinin Zama,
Ofishin Hukumar Shige da Fice

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Hadiza Garba, mai riƙe da katin izinin zama mai lamba 40718256, ina roƙon a ƙara mini wa'adin zama na shekara biyu, ni da 'yata mai shekara tara wadda izininta ke ƙarƙashin nawa. Wa'adinmu na yanzu zai cika ranar 30 ga Yuni, 2025. Na kawo takarduna tun da sauran lokaci domin kada ranar ta riske mu ba a kammala dubawa ba.

Dalilina aiki ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen wankin ƙoda, kuma tun shigowata a watan Yuli na 2023 ban sauya wurin aiki ba. Asibitin ya sabunta kwantiragina daga 1 ga Yuli, 2025 zuwa 30 ga Yuni, 2027, kamar yadda za ka gani a wasiƙarsu da ke haɗe da wannan, tare da lasisina na aikin jinya. Masu wankin ƙoda ba irin majinyatan da ke zuwa sau ɗaya su wuce ba ne. Yawancinsu sau uku suke zuwa a mako, kowane zama kusan awa huɗu a jikin na'ura, wata da watanni. Akwai waɗanda tun zuwana ni ke sa musu allura, na san jijiyar hannunsu, na san wanda jininsa kan faɗi ana tsakiyar wanki. Ina son in ci gaba da kula da su. Ita kuma yarinyar tana aji huɗu a firamare, ta saba da malamanta, kuma na haɗo shaidar makarantarta.

Game da abin da zan riƙe kaina da shi, na kawo takardun albashi da bayanan asusuna na banki na wata shida, daga Oktoba 2024 zuwa Maris 2025. Kuɗin haya bai kai kashi ɗaya cikin uku na albashina ba, kuma ajiyar da nake da ita za ta ɗauki nauyinmu mu biyu na wata takwas ko da albashi ya tsaya. Ban taɓa karɓar tallafin gwamnati ba, ba a bina bashin haraji. Yarjejeniyar haya, inshorar lafiyarmu da takardar 'yan sanda mai nuna ba ni da wani laifi duk suna cikin fayil ɗin.

Akwai abubuwa biyu a bayanan bankin da na ga gara in yi bayaninsu da bakina kafin a tambaya. Albashin Nuwamba da na Disamba sun yi ƙasa da yadda aka saba. Mahaifina ne Allah ya yi wa rasuwa, na bar ƙasar nan ranar 3 ga Nuwamba, 2024 na dawo ranar 19 ga Disamba, kwana 47 ke nan. Kwana 21 daga ciki hutuna ne na shekara, ragowar 26 kuwa hutu ne ba albashi wanda asibitin ya amince mini a rubuce. Hatimin fita da na shiga suna cikin fasfo ɗina, kuma wannan ce kaɗai tafiyar da na yi tun da aka ba ni izinin. Abu na biyu, za a ga kuɗi masu ɗan yawa sun shigo a dunƙule a watan Janairu. Rabona ne na gado, ba rance na karɓo don asusun ya yi kyan gani ba. Na haɗo takardar rasuwar da ta rabon gadon, da fassararsu mai hatimi. Ko an cire waɗannan kuɗin daga lissafi, albashina kaɗai ya ishe mu.

Fasfo ɗina yana aiki har zuwa Maris 2029, na 'yata zuwa Agusta 2028. Kwafinsu, hotunanmu, fom ɗin da na cike da rasit na biyan kuɗin nema suna haɗe.

Ina da roƙo guda bayan wannan. Idan dubawar za ta wuce 30 ga Yuni, a taimaka a ba ni takardar shaidar cewa buƙatata tana hannunku. Asibitin ya sanar da ni cewa in babu ita ba zai sa sunana a jadawalin aikin Yuli ba, kuma a tsakiyar Yuni ake tsara jadawalin. A shirye nake in zo da asalin takardun, ko don ɗaukar zanen yatsu, duk ranar da aka kira ni.

Na tabbatar duk abin da na rubuta a nan gaskiya ne. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Hadiza Garba