Ga duk mai hawa hotsifot ɗina a gida

Salamu alaikum. Sadiya, Abba, Ummi, ku karanta wannan kafin a kunna talabijin ɗin falo yau da daddare.

Ba yawan kallo ne kaɗai ke cinye mana data kafin wata ya raba ba. Duk abin da ya hau hotsifot ɗin wayata, talabijin ne ko kwamfutar Abba, ɗauka yake Wi-Fi ya samu wanda ba ya ƙarewa. Sai YouTube ya saki jiki, in sabis ya yi ƙarfi kamar yadda yake yi mana nan Tudun Wada bayan sha ɗayan dare, ya haye 1080p ba tare da ya tambayi kowa ba. Hoton 1080p kuwa ɗigoginsa sun ninka na 360p sau 9. To kun ga inda kuɗin ke tafiya.

In kun buɗe bidiyo, ku taɓa alamar saiti, ku shiga Quality. A waya sai kun ƙara taɓa Advanced za ku ga lambobin. Ku zaɓi 360p. A talabijin 480p ya wadatar, daga kan kujera fuskar mutum tana fita sarai. Zaɓin nan fa na bidiyon da ke gabanku ne kawai a waya. In ana so ya zauna, a shiga Settings, a nemo Video quality preferences, a sa Data saver a ƙarƙashin Wi-Fi. Nan ne mutane ke tuntuɓe: su saita ɓangaren mobile networks su bar na Wi-Fi, alhali wayar da ke kan hotsifot na Wi-Fi ɗin take bi.

Tafsirin da Hajiya ke saurara tana tsinken zogale, ku sa mata 144p ko 240p. Murya take bi, ba rawanin malam ba. A kashe Autoplay kuma, don sau da yawa barci ke ɗaukarta karatun yana ta wucewa.

Ummi, Netflix da kansu sun ce Low yana cin kusan giga 0.3 a awa, Medium 0.7, High kuma har giga 3 a HD, har giga 7 a 4K. Ki shiga Account ta burauza, ki buɗe Playback settings, ki mayar Low ko Medium.

Abba, a kwamfutarka ka shiga saitin Wi-Fi ɗin wayata ka kunna Metered connection, don Windows ya rage sauke sabuntawa a ɓoye. Darasin da malami ke rubutu a allo ban hana ka 720p ba, karatu ne, dole ka ga lissafin. Kana gamawa ka mayar 360p.

Zan danna *323# kafin mu fara da kuma bayan mun gama, in turo muku abin da ya rage. Wanda saitin ya gagara ya kawo min wayarsa bayan Magariba.