Neman aikin sito a kamfani, saƙona ga ejan

Assalamu alaikum Yallaɓai, barka da war haka, ya aiki ya iyali, da fatan ana lafiya. Kayi haƙuri na shigo maka waya ba sanayya, wani abokina da kuka samar wa aikin direba a Sharada bara shi ya bani lambarka yace in maka magana kai tsaye.

Sunana Nura, shekarata 31, ina zaune a Ja'en nan Kano, da mata da yara biyu. Na yi difloma a fannin kasuwanci a Kano Poly na gama 2016, daga nan ban ci gaba ba na faɗa kasuwa. Aikin da nake nema shine aikin sito, wato sitokifa, ko mataimakinsa in babu gurbin babban, a masana'anta ko wajen babban dila mai rarraba kaya.

Shekara shida na yi ina riƙe da sito a kasuwar Singa wajen wani Alhaji mai kayan masarufi, taliya, sukari, fulawa, madara, man girki da su omo. Ni ke karɓar kaya in tirela ta iso, ni ke tsayawa kan 'yan dako har a gama saukewa, kuma ba na sa hannu a takardar direba sai na ƙirga da kaina ko da kuwa magariba ta yi kowa yana ta ƙorafi. Akwai ranar da aka kawo taliya katan 1,200 a rubuce, na ƙirga na ga 1,186, direba ya rantse ya maya wai lissafina ne ya kuskure, nace to a sake jerawa goma goma, aka sake, katan 14 dai babu, a gabansa na rubuta a bayan takardar ya sa hannu kafin motar ta tashi. Kayan da suka fara shigowa su nake fara fitarwa saboda kar madara ta lalace a ƙasan lodi, buhu kuma ba ya taɓa siminti ko bango sai a kan katako, wanda ya ga abin da damina ke yi wa sukari ya san dalili. Da littafi na fara, daga baya na koma Excel a kwamfuta, ina shigar da abin da ya shigo da wanda ya fita kullum, duk Asabar in haɗa da abin da ke ƙasa in tura wa maigida. Manhajar manyan kamfanoni ban taɓa aiki da ita ba gaskiya, amma in an nuna min ba zan ba da kunya ba insha Allah. Ina jin Turanci ina rubutawa daidai gwargwado.

Lafiya lau muka rabu da Alhajin, ɗansa ne ya gama karatu ya karɓi siton, kuma Alhajin yace a shirye yake ya tsaya min, in ana son garanto na biyu akwai yayana malamin makaranta ne.

Don Allah Yallaɓai kar a haɗa ni da aikin maketin irin na yawo a rana sai ka sayar a baka kamasho, na gwada wata uku ba layina bane. Albashi nake so tsayayye ƙarshen wata da takardar ɗauka a hannu. Wajen kuma na fi son Sharada ko Chalawa don sun fi min kusa, Bompai zan iya amma sai albashin ya ɗan taɓa, kasan tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu kaɗai sai ya cinye rabin abin da mutum ya samu. Ina sa rai daga dubu 120 zuwa sama, amma ana iya zama a tattauna in akwai abinci ko motar ma'aikata. Aikin dare ba matsala in karɓa-karɓa ake yi, Juma'a dai a bar ni in je masallaci.

Sai tambaya ɗaya, kar ka ji wani iri, an taɓa karɓar min dubu 15 kuɗin fom a wani wuri har yau ko intabiyu ba a kira ni ba. Ku ya tsarinku yake, kamfani ne ke biyanku ko a albashin farko ake cirewa, kuma nawa ne?

Takarduna duk suna nan a PDF, in ka bani dama yanzu zan turo, ko in kawo ofis da kaina gobe da safe. Ko Litinin aka ce in fara a shirye nake. Na gode, Allah ya saka da alheri.