Shawarar Likita Game da Hawan Jini

Baba, ga bayanin abin da likita ya faɗa a asibitin Birnin Kebbi. Awo ya nuna jininku ya hau zuwa 170 bisa 100, alhali ana so ya sauka ƙasa da 140 bisa 90. Ku riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, ko da kun ji garau, domin cutar tana lalata zuciya da ƙoda ba tare da ciwo ba. A rage gishiri da dunƙule a miya, goro ma a sassauta. Idan hannu ya mutu ko baki ya karkace, a garzaya asibiti nan take. Za ku koma awo bayan mako biyu.