Rahoto ga Kwamitin Gudanar da Makaranta kan Bencinan Aji Huɗu zuwa Shida

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu 'yan kwamiti, assalamu alaikum.

Kun ɗora mana binciken irin bencin da ya dace da yara 180, wato benci 60 mai cin mutum uku. Kuɗin da ke asusu naira 2,600,000 ne. Mun je 'Yan Katako a Na'ibawa da kasuwar Ƙofar Ruwa, mun kuma duba tsofaffin bencinan da ke sito.

Katako zalla ya fi araha: kafinta ya ce naira 38,000 kowanne, jimilla 2,280,000. Amma wannan farashin farin katako ne, kuma shi ne ya cika mana sito da karyayyu. Gara tana shiga ta ƙafa, musamman a azuzuwan da daɓensu ya fashe. Idan kuma ɗanye aka yi aiki da shi, hunturu ɗaya ya isa ya tsage, ƙusa ta saki. Maɗaci busasshe yana jurewa, sai dai da shi kuɗin ya kusa kamo na ƙarfe. Alherin katako shi ne kowane kafintan unguwa zai gyara shi.

Ƙarfe zalla ba mu ba da shawararsa ba: sanyi da hunturu, zafi da bazara, ga ƙara. Wanda muka duba shi ne ƙafafun ƙarfe da saman katako, naira 52,000. Gara ba ta da abin yi da ƙafar, katakon kuwa ya yi nisa da ƙasa. Ciwonsa tsatsa da sakin walda, kuma nan ne ake ha'inci, don fenti yana rufe siririn bututu. Duk 60 ɗin za su ci 3,120,000, sun fi ƙarfin asusu.

Roba tana zuwa ne kujera da tebur na yaro ɗaya, naira 21,000, wato 63,000 a mazaunin yara uku. Ba gara, ba tsatsa, amma rana tana busar da ita, in ta karye kuma sai 'yan gwangwan. Ga ta marar nauyi. Kowa ya san yadda kujerar roba ke tafiya gidan biki ba ta dawo ba. A bar ta ga ajin rainon yara.

Shawararmu a yi 50 na ƙarfe da katako, daidai da kuɗin hannu, a gyara 10 daga cikin tsofaffi. A rubuta a yarjejeniya: kaurin bututu kada ya gaza milimita 1.5, a sa jan fentin hana tsatsa kafin na sama, a ɗaure katako da noti domin a iya sauya shi. Mai walda ya fara kawo guda ɗaya mu gani kafin ya karɓi kafin alƙalami.

Sakataren ƙaramin kwamitin kayan aiki